Takwas Ne Iyaka, Amma Wa Ke Ƙirga Na Ɓoye?

Jama'a, a wannan fitowa mun ajiye batun kuɗin makaranta da na ɗakin kwana, domin akwai wata magana da muka ɗauko daga gida wadda ta hana mu sakat tun da muka dawo daga hutun hunturu. Mu ɗaliban da muka fito daga ƙasar Yauri, daga Yelwa har Wara, daga Shanga har ƙauyukan bakin Tafkin Kainji, mun ga abin da ya isa a ce an yi magana. Maganar kuwa ta farasitamol ce, wanda kowa ya fi sani da fanadol, farar ƙwayar nan da ba a rasa ta a aljihun kowane magidanci, wadda mutanenmu suka daina lissafa ta cikin magunguna saboda tsabar sabo.

Mu fara da iyaka, tun da ita ce tushen zancen. Ƙwayar farasitamol ɗaya ta manya tana ɗauke da miligiram 500. Babban mutum mai lafiya yana iya shan ɗaya ko biyu a lokaci guda, sa'an nan ya dakata awa huɗu zuwa shida kafin ya ƙara. A cikin awa 24, watau dare da yini gaba ɗaya, kada abin da ya shiga cikinsa ya wuce miligiram 4,000. Giram huɗu ke nan, ƙwaya takwas. Wannan iyaka kuwa ta mutum mai ƙarfi ce, mai cin abinci, wanda nauyinsa ya haura kilo 50. Wanda bai kai haka ba, ko tsoho da jiki ya saki, ko mai ciwon hanta, ko mai shan giya, ko wanda ya kwana biyu bai ci abin kirki ba, tasa iyakar tana ƙasa da takwas. Likitoci kan tsayar wa irin waɗannan a ƙwaya shida ko ƙasa da haka, wani ma su ce ɗaya-ɗaya zai riƙa sha.

To, wani zai ce ai wannan ba labari ba ne, kowane ɗan firamare ya ji an ce kada a wuce takwas. Mun yarda. Abin da muke ƙara a kansa shi ne, mutum yana iya kiyaye takwas ɗin nan sarai, yana ƙirgawa da yatsunsa, ya kuma sha goma sha uku ba tare da ya sani ba. Ga yadda abin ya faru a gabanmu.

Kawun ɗayanmu masunci ne a wani ƙauye na bakin tafki, kusa da Wara. Siririn mutum ne, nauyinsa bai wuce kilo 55 ba. Kowa ya san yadda sanyin hunturu yake a kan ruwa da asuba, sa'ad da hazo ya rufe tafkin har ba ka hango ɗan'uwanka a ɗaya jirgin. Mura ta kama shi, da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, amma kalli yana cikin ruwa, iyali suna jira, ba halin kwanciya. Da asuba kafin ya fita ya haɗiyi fanadol biyu, miligiram 1,000 ke nan. Da hantsi majina ta dame shi, sai ya sha ƙwayar mura biyu, alhali kwalin ɗaya ya ce. Kowace ɗaya tana da miligiram 500 na farasitamol a ciki, an sami 1,000 kuma. Da azahar wani abokin sana'arsa ya tausaya masa, ya ba shi ƙwaya biyu na abin da suke kira maganin gajiya, wanda ba kome ba ne illa farasitamol 500 da aka gauraya da sinadarin nan na goro mai wartsake mutum. An kai 3,000 rana ba ta ko karkata ba.

Da la'asar ya kai kifi kasuwa, ya tsaya wurin mai shagon magani ya ce a haɗa masa na mura da ciwon jiki. Aka ƙulle masa ƙwayoyi biyar a 'yar leda, ya watsa a baki gaba ɗaya. Daga baya aka gano biyu daga cikinsu: farar ƙwaya ta farasitamol 500, da wani kafso na ciwon jiki mai ɗauke da 325. Da magariba ya ƙara ƙwayar mura biyu. Da zai kwanta ya sha fanadol biyu, cikin dare zazzaɓi ya tashe shi ya ƙara biyu. Duk wanda ya iya lissafin firamare ya tara: 1,000 sau shida, a ƙara 825, ya ba da miligiram 6,825 a kwana ɗaya. Kusan ƙwaya goma sha huɗu ke nan. Da aka tambaye shi fanadol nawa ya sha, sai ya ce shida, ai bai ko kai takwas ba. Kuma wallahi gaskiya ya faɗa iyakar saninsa.

Haka ya yi kwana uku, ba ya cin kome sai ɗan kunu. Ran na huɗu amai ya fara, sa'an nan ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Mutanen gida suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ƙara masa fanadol. Da idanunsa suka soma yin ɗorawa sai aka ce shawara ce, aka jiƙo masa sassaƙe. Sai da ya fara sambatu aka sa shi a mota. Allah Ya sa aka dace da likita mai natsuwa, wanda ya ce a zazzage aljihun rigarsa a kawo masa duk wani ɓawon magani da aka samu. Shi ya jera su a kan tebur, ya yi lissafin nan da muka kawo muku. Aka tura shi babban asibiti, tafiyar awoyi, ya yi mako biyu a kwance. A can ne gwajin jini ya nuna ashe yana ɗauke da ciwon hanta irin wanda ake kira nau'in B, bai taɓa sani ba. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma an sayar da injin jirginsa kafin a sallame shi.

Wajibi ne mu bayyana yadda ƙwaya mai sauƙi haka take kayar da babban mutum, don kada a ce tsoratarwa muke yi irin ta 'yan boko. Duk farasitamol da aka sha, hanta ce take sarrafa shi. Mafi yawansa tana juya shi ya zama abin da ba ya cutarwa, ya fita ta fitsari. Amma ɗan kaɗan daga ciki yakan rikiɗe ya zama dafi. Hanta tana da wani sinadari a ajiye, masana suna kiransa gulutatayon, wanda yake kama dafin nan ya kashe kaifinsa nan take. Muddin an tsaya a kan iyaka, ajiyar tana isa, tana kuma sabuntuwa. In aka yi ta ɗura maganin ba hutu, dafin ya fi ƙarfin ajiyar, sai ya koma kan naman hantar kanta yana kashewa. Rashin cin abinci yana rage wannan ajiya tun kafin a fara, shi ya sa marar lafiyar da ya ƙaurace wa tuwo ya fi kowa shiga hatsari, kuma shi ne wanda ya fi kowa shan maganin. Masu shan wasu magungunan tarin fuka ko na farfaɗiya su ma sai sun yi hattara, domin akwai waɗanda suke sa hanta ta ƙara yawan dafin da take fitarwa.

Mugun halin wannan guba shi ne shiru. A rana ta farko mutum yana iya jin tashin zuciya kawai, ko ma ya ji garau. Tsakanin kwana ɗaya zuwa uku ciwo yakan fito a gefen dama na ciki. Daga kwana uku zuwa huɗu ne ido da fitsari suke canzawa, hankali ya soma gushewa, jini ya ƙi tsayawa. Akwai makari, sunansa asetilsistin, wanda yake mayar wa hanta ajiyarta, kuma yana aiki ƙwarai in an ba da shi cikin awa takwas na farko bayan an sha da yawa a tashi ɗaya. Ko an makara ana ba da shi, sai dai amfaninsa yana raguwa. Amma wanda ya tara gubar kaɗan-kaɗan cikin kwana uku, daga wace awa za a fara ƙirga masa? Shi bai san ya sha guba ba balle ya yi gaggawa. Mutumin tsibiri kuwa, wanda sai ya nemi jirgi, ya fito tudu, ya jira mota, ya isa Yelwa, watakila a ce masa sai Birnin Kebbi ko Sakkwato, kowace awa da aka ɓata wajen jiƙa sassaƙe daga ransa ake cire ta.

Kada a ɗauka jahilcin ƙauye ne ya jawo wannan. A ƙasar Amirka, inda kusan kowa ya iya karanta abin da aka rubuta a kwali, an buga wani bincike a 2005 kan mutum 662 da hantarsu ta tsaya farat ɗaya. Cikinsu 275 farasitamol ne sanadi, kuma kusan rabin waɗannan ba da gangan suka sha fiye da kima ba. Cikin waɗanda ba su yi da gangan ba, fiye da kashi ɗaya bisa uku suna shan magani iri biyu ko fiye masu ɗauke da farasitamol a lokaci guda. In haka ta faru ga masu karatu da asibiti a bakin ƙofa, ina ga Basarke da Bagunge da Bakambare, waɗanda ba a taɓa rubuta musu gargaɗin da harshen da suke ji ba?

Yanzu sai mu zo kan masu laifi, kuma ba za mu ɓoye ba.

Na farko shi ne al'adar nan ta "a haɗa mini". Mai shago ya ɓare kati uku ko huɗu, ya zuba ƙwayoyi tsirara a leda, fari da ja da ruwan ɗorawa, ba suna, ba adadi, ba takarda. Daga wannan lokaci babu mahalukin da zai iya faɗin abin da ke ciki, har shi wanda ya haɗa in an kwana biyu. Lasin da ake ba masu ƙananan shagunan magani na sayar da magani ne a cikin mazubinsa kamar yadda ya fito daga masana'anta. Tallar magani a faranti a kasuwa da tasha kuwa doka ta hana ta ɗungurungum. Duk da haka a je kowace kasuwar bakin ruwa ranar da take ci, a ga ko za a rasa mai faranti yana kirari a rana tsaka.

Mun san abin da za a ce mana, domin an riga an faɗa mana shi a fuska. An ce ku 'yan makaranta kun iya surutu, in aka rufe kemis wa zai ba mutumin tsibiri magani da tsakar dare? Wannan magana tana da ƙarfi, ba mu raina ta ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwa, aka tashi dubban mutanenmu aka sake musu matsuguni, har yau akwai ƙauyukan da mai shagon magani shi ne likitansu, shi ne malamin asibitinsu. Ba mu ce a rufe kowa ba. Amma wanda jama'a suka ɗora wa wannan amana, nauyinsa ya ƙaru ke nan. Tambaya ɗaya tak muke nema daga bakinsa kafin ya miƙa magani: me ka riga ka sha yau? Ba ta cin kwabo, ba ta cin minti ɗaya. Da an yi wa kawun nan wannan tambaya da la'asar, da injinsa yana nan a jikin jirgi. Wanda ya ƙi tambaya don kada cinikin naira ɗari ya wuce shi, ya sani ran mutum ya sayar.

Na biyu shi ne kwalin kansa. Bari mu faɗi sunayen da kowa ya sani, ba don mu ce magungunan banza ne ba, ai kowanne yana aikinsa in an sha shi kaɗai bisa ƙa'ida. Furokol da Miksagirif na mura suna da farasitamol 500 a kowace ƙwaya. Boska da Fanadol Ekstira haka suke. Ibukaf na ciwon jiki yana da 325. Masu yin su ba su ɓoye ba, sun rubuta. Amma sunan talla shi ne da manyan baƙaƙe masu launi, sunan abin da ke ciki kuwa yana rakuɓe a ƙasa, da Turanci, da rubutun da sai mai ƙarfin ido. Mutum ya ga ja ya ga kore ya ga shuɗi, ya ɗauka magani uku ne daban-daban, ashe mutum ɗaya ne ya sake riga sau uku. Ga wanda ya iya haɗa baƙi, kalmomin da zai nema a jikin kwali biyu ne, kuma abu ɗaya suke nufi: Paracetamol da Acetaminophen. Na biyun shi ne sunan da Amirkawa suke amfani da shi, yakan zo a kan magungunan da aka shigo da su. Ya duba har kwalaben ruwa na mura da garin da ake zubawa a ruwan zafi, domin wasunsu su ma suna ɗauke da shi.

Na uku su ne mahukunta. Muna da Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna tun 1993, muna da majalisar da ke ba masu shagunan magani lasin, muna da ma'aikatar lafiya a Birnin Kebbi. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin cikin 'yan kwanaki da abin kunyar ya fito fili, wanda ya nuna in an so ana iyawa. A Ingila tun 1998 doka ta taƙaita kwalin farasitamol zuwa ƙwaya 16 a kantunan gama-gari, 32 a shagon masu ilmin haɗa magani. Mu ba mu ce a kwaikwayi Ingila ido rufe ba, don matsalarmu ta fi ƙarfin girman kwali. Abin da muke nema ya fi wannan sauƙi. A wajabta wa duk mai yin maganin da ke da farasitamol a ciki ya buga alama ɗaya babba, iri ɗaya, a kan kwali da kuma bayan kowane kati, wadda ko wanda bai yi boko ba zai gane ta daga nesa. A rubuta gargaɗin da Hausa, da boko da ajami, a kan abin da za a sayar a Arewa. Ina wahalar wannan? Masu sayar da ɗanɗanon miya sun iya yi mana talla da Hausa safe da yamma, sai gargaɗin da zai ceci hanta ne ya gagari fassara?

Na huɗu kuwa mu ne, kuma gaskiya ɗaci gare ta. A ɗakunan kwananmu na nan jami'a, lokacin jarrabawa, wa bai ga ɗalibi ya sha fanadol biyu don ciwon kai, ya bi da ƙwayar mura, ya ƙara da mai sinadarin goro don kada barci ya ɗauke shi ba? Mu da muka iya karanta kwali ba ma karantawa. In mun koma gida kuwa, tsofaffinmu suna miƙo mana magani su ce ɗan boko duba mana wannan, sai mu juya shi sau ɗaya mu ce ai na mura ne, a sha. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Talakan da ya sayar da albasarsa da shinkafarsa ya biya mana kuɗin makaranta yana da hakkin mu zauna mu yi masa lissafin da bai fi tara lamba huɗu ba.

Saboda haka ga abin da muke kira ga kowane ɗalibi ya ɗauka ya kai gida. In an sha ƙwayar mura, an riga an sha fanadol, kada a ƙara wani a kai sai awa huɗu sun wuce, kuma a sa ta cikin lissafin takwas ɗin nan. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa. Ƙullin da ba shi da suna kada a karɓa, a ce wa mai shago ya yanko katin yadda sunan zai fito, a kuma adana ɓawon har a warke. Mai azumi ya tuna cewa tsakanin buɗa baki da sahur ba a cusa abin da aka tsara wa yini da dare, tazarar awa huɗu tana nan daram. Zazzaɓin da ya kai kwana uku bai sauka ba, gwajin jini yake bukata, domin farasitamol yana sauke zafin jiki ne kurum, ba ya kashe ƙwayar cutar cizon sauro. In kuwa aka yi lissafi aka tarar an wuce iyaka, musamman ga siriri ko wanda ba ya cin abinci, to, a daina shan duk wani mai farasitamol, a kama hanyar asibiti a ranar, ko da mutum yana cewa lafiyarsa lau, a kuma tafi da ɓawon magungunan gaba ɗaya a zube wa likita. Jiran ido ya yi ɗorawa jiran makara ne.

Muna kuma kira ga ƙungiyar ɗalibanmu ta ƙasar Yauri da ta mai da wannan aikin hutu mai zuwa. A rubuta takarda ɗaya da Hausa, a jera magungunan da ke da farasitamol a ciki da adadin kowanne, a nemi wani likita ko mai ilmin haɗa magani ya duba ta kafin a buga. A bi shaguna ɗaya bayan ɗaya a Yelwa da Wara da Shanga, a roƙi masu su su manna ta inda mai saye zai gani. A kai wa limamai da sarakunan ruwa, domin maganar da ta fito daga bakinsu ta fi tamu shiga kunne. 'Yan'uwanmu masu karatun likita da na haɗa magani su shige gaba, mu sauran mu riƙe musu jaka.

Kawun nan da muka ba ku labari ya koma ruwa, da jirgin aro. Ran da muka je yi masa sallama za mu dawo makaranta, ya fito da wani kati daga aljihu ya miƙo, ya ce a duba masa ko akwai mutumin nasa a ciki. Muka duba, akwai. Ya mayar da fanadol ɗin da ke ɗaya hannun cikin aljihu. Abin da muke nema ke nan daga mai shago da hukuma da ɗalibi, kuma ba mu ga wanda ya fi ƙarfinsa ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin.